OSCOLA, Bluebook ko Jagoran NALT: Wane Salo Ya Fi Dacewa da Kawo Dokokin Najeriya da Gazet a Bayanin Ƙasan Shafi?

Ɗalibin shari'a da ya zauna rubuta kundin digiri a Zariya ko Kano ko Sakkwato yakan tarar da salo uku a gabansa idan ya zo kawo doka a bayanin ƙasan shafi, wanda ɗalibai ke kira futnot. Akwai OSCOLA, wanda Jami'ar Oxford ta tsara, kuma bugunsa na huɗu na 2012 shi ne ya fi yawo a hannun malamai. Akwai Bluebook na Amurka, wanda mujallun shari'a na can suke bi. Sai kuma jagoran ƙungiyar malaman shari'a ta Najeriya, wato NALT, wanda tsangayoyin shari'a da dama suka wajabta wa ɗalibansu, kuma wanda ya ɗauko tsarinsa daga OSCOLA, har ma ana iya ɗaukar su biyun a matsayin 'yan gida ɗaya. Saboda haka ainihin zaɓin yana tsakanin gida biyu ne, gidan Oxford da gidan Amurka, kuma za a fi ganin bambancinsu idan aka gwada su a kan abubuwa uku da marubuci ba ya iya kauce musu: dokar majalisa, ƙa'idojin da hukuma ta kafa a ƙarƙashin doka, da sanarwar da ta fito a gazet, jaridar gwamnati.

Kafin a shiga gwajin ya kamata a lura da cewa kowane salo an ɗinka shi ne daidai da yadda ƙasarsa take buga dokokinta. A Birtaniya kowace doka tana da gajeren suna da shekara, kuma waɗannan biyun sun isa a gano ta, shi ya sa OSCOLA ba ya neman komai bayan suna da shekara da sashe:

```
Human Rights Act 1998, s 15(1)(b).
```

Babu waƙafi tsakanin suna da shekara, babu aya bayan harafin da ke nufin sashe, ba a karkata rubutun sunan, kuma aya ɗaya ce tak, wadda ke rufe bayanin. Idan ana nufin sakin layi na (b) a ƙaramin sashe na (1) na sashe na 15, harafin sashe kaɗai ake sawa a gaba, sauran su bi shi a cikin baka. A Amurka kuwa ana wargaza dokokin tarayya a zuba su cikin babban kundi guda da aka rarraba bisa jigo, don haka Bluebook ya fi damuwa da gurbin da sashen ya faɗa a cikin kundin fiye da sunan dokar:

```
42 U.S.C. § 1983.
```

Lambar farko ta rukuni ce, haruffan sunan kundin ne, sannan alamar sashe da lambarsa. Wanda ya saba da wannan tsari zai gane dokar da ake nufi ko da ba a ambaci sunanta ba.

Najeriya tana tsakanin waɗannan biyun, kuma daga nan wahalar take tasowa. Dokokinmu suna da gajeren suna da shekara kamar na Birtaniya, amma kuma lokaci-lokaci ana tattara su a kundin dokokin tarayya, wanda ake taƙaita shi da LFN, a ba kowace doka lambar babi. An yi irin wannan tattarawa a 1958, aka sake yi a 1990, aka kuma yi wadda ake kira ta 2004. A ta 1990 lamba ce zalla ake bai wa babi, a ta 2004 kuwa harafin farko na sunan dokar ne ake haɗawa da lamba. Sakamakon haka doka ɗaya tana iya samun shaidu uku. Dokar Amfani da Ƙasa ta fito a matsayin dokar soja mai lamba 6 ta 1978, ta zama babi na 202 a kundin 1990, sannan ta zama babi na L5 a kundin 2004. Marubucin da bai tsayar wa kansa ƙa'ida ba zai kira ta da shaida ta farko a babi na biyu na kundinsa, ya kira ta da ta uku a babi na huɗu, mai karatu kuma ya ɗauka dokoki biyu ne.

OSCOLA bai tanadi misali na musamman domin Najeriya ba. Abin da ya ce game da dokokin wasu ƙasashe shi ne a kawo su yadda ake kawo su a ƙasarsu, a cire ayoyin da ke cikin taƙaitattun kalmomi, a kuma ambaci ƙasar idan akwai bukata. Wannan sassauci ne mai amfani, domin ya bar wa marubuci damar sa lambar babi yadda kotunan Najeriya suka saba, amma kuma ya bar masa nauyin yanke shawara. Siffar da ta fi dacewa da wannan gida ita ce:

```
Land Use Act 1978, Cap L5 LFN 2004, s 28.
```

Shekaru biyu ne a nan, kuma kowace da aikinta: ta farko shekarar da aka kafa dokar, ta biyu shekarar kundin da aka ɗauko nassin daga cikinsa. Kuskuren da ya fi yawa a kundayen ɗalibai shi ne a jefar da ta farko a manna ta biyu a jikin sunan, a wayi gari ana karanta cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 2004 ce. Mai duba aiki da ya san fagen zai gane nan take cewa ɗalibin bai bambance shekarar kafawa da shekarar tattarawa ba, kuma idan hujjar babin ta rataya a kan abin da ya faru da filaye kafin 29 ga Maris 1978 da bayansa, wannan ɗan kuskure ya ruguza ta.

Bluebook ya fi OSCOLA tanadi a takarda, domin yana da jadawali na ƙasashen waje wanda Najeriya ke ciki, kuma yana wajabta a rufe da sunan ƙasa a cikin baka idan ba a iya gane ta daga sauran bayanin. Wannan yana da ma'ana ga mai karatu a New York wanda bai taɓa jin LFN ba. Ga mai karatu a Kaduna kuwa, maimaita sunan Najeriya a ƙarshen bayani ɗari biyu nauyi ne maras amfani, kuma alamar sashe ta Amurka ba ita ce lauyoyi da alƙalan Najeriya suka saba gani a hukunce-hukunce ba. A nan gidan Oxford ya fi sauƙi, ya kuma fi kusa da abin da ido ya saba.

Sai dai akwai abin da salon biyu ba za su yi wa marubuci ba, kuma shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Kundin 2004 ya tattara dokokin da ke aiki ne zuwa ƙarshen 2002, Majalisar Tarayya kuma ta amince da shi da wata doka a 2007. Yawancin dokokin da aka kafa bayan wancan lokaci ba su da babi a cikinsa, kuma duk wadda aka soke bayan haka tana nan zaune a cikinsa da lambar babinta kamar ba abin da ya same ta. Dokar Kamfanoni misali ce mai kyau. Tsohuwar ta fito a matsayin dokar soja mai lamba 1 ta 1990, ta zama babi na 59 a kundin 1990, sannan babi na C20 a kundin 2004. A ranar 7 ga Agusta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwa, wadda ta soke tsohuwar kuma take ɗauke da suna iri ɗaya. A tsohuwar, sashe na 18 ya bukaci aƙalla mutum biyu kafin a kafa kamfani. A sabuwar, ƙaramin sashe na (2) na wannan sashe na 18 ya yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani mai zaman kansa. Lambar sashe ɗaya, suna ɗaya, hukunci ya sha bamban. Ga yadda ya kamata su fito:

```
Companies and Allied Matters Act 1990, Cap C20 LFN 2004, s 18 (repealed).
Companies and Allied Matters Act 2020 (No 3), s 18(2).
```

Wanda ya haɗa shekarar 2020 da babi na C20, kamar yadda ake gani a wasu rubuce-rubuce, ya nuna dokar da babu ita a ko'ina. Haka abin yake ga Dokar Shaida: babi na E14 na tsohuwar ne, ta 2011 kuwa, wadda sashenta na 84 ya yi magana a kan shaidar da ta fito daga kwamfuta, da shekararta da lambarta ake kawo ta. Ƙa'idar da ke fitowa daga nan mai sauƙi ce, kuma tana aiki ko wane salo aka zaɓa: dokar da ke cikin kundin 2004 kuma ba a soke ta ba, a kawo ta da shekararta da babinta, dokar da ta zo bayan kundin, a kawo ta da shekararta da lambar da aka ba ta a wannan shekara, dokar da aka soke, a faɗi cewa an soke ta. Marubuci zai kuma ci karo da masu rubuta LFN 2010, wanda sabuntawa ce da aka buga daga baya. Wanda ya yi aiki da ita ya faɗi haka a fili, amma kada ya gauraya ta da ta 2004 a cikin kundi ɗaya, domin ta 2004 ce dokar 2007 ta yi wa hatimi.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 yana da tasa matsalar, wadda ɗabi'ar rubuta cewa an yi masa gyara, ba tare da faɗin wane gyara ba, take rufewa. An yi gyara na ɗaya da na biyu da na uku masu ɗauke da shekarar 2010, aka yi jerin gyare-gyare na huɗu masu ɗauke da 2017, sannan na biyar a 2023. Idan ana magana a kan sashen da gyara bai taɓa ba, ambaton gyara gaba ɗaya ya wadatar. Idan kuwa sashen kansa gyara ne ya haife shi, kamar sashe na 254C wanda ya zayyana hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, to ya kamata a faɗi dokar da ta shigo da shi a karon farko:

```
Constitution of the Federal Republic of Nigeria 1999, s 254C,
inserted by the Third Alteration Act 2010.
```

Ga marubucin da ke aiki a kan dokokin jihohin Arewa akwai ƙarin abin lura, domin a nan ambaton hurumi ya zama dole ko da salon bai tilasta ba. Tsarin Mulki ya bambance dokar Majalisar Tarayya da dokar majalisar jiha ta hanyar kalmar da ke ƙarshen sunansu, wato Act ga ta tarayya da Law ga ta jiha, kuma dokar finalkot ta nuna dalilin da ya sa ba a wasa da wannan bambanci. Ta fara aiki a Jihar Arewa a 1960, ta zama babi na 89 a kundin dokokin Arewa na 1963, daga baya kowace jiha ta gaje ta ta sa a nata kundin, Kano ta ba ta babi na 105 a kundinta na 1991, Kaduna kuma ta kafa sabuwa a 2017 wadda lambobin sassanta suka sauya. Akwai kuma wata dokar tarayya dabam, babi na P3 a kundin 2004, wadda ta ƙunshi laifuffukan da suka shafi tarayya kawai. Don haka wanda ya rubuta sashe na 221 na finalkot, ya tsaya a nan, bai gaya wa mai karatu littafin da zai buɗe ba. A wannan gaɓa ɗabi'ar Bluebook ta nace wa hurumi ita ce daidai, kuma ba laifi mai bin OSCOLA ya aro ta:

```
Penal Code Law, Cap 89 Laws of Northern Nigeria 1963, s 221.
```

Idan aka koma kan ƙa'idojin da ministoci da hukumomi da manyan alƙalai ke kafawa da ikon da doka ta ba su, tazarar da ke tsakanin salon biyu tana ƙara faɗi. A Birtaniya ana bai wa kowace irin wannan ƙa'ida lamba a jere cikin shekara, OSCOLA kuma yana neman suna da shekara da wannan lamba, a rubuta shekara, a ja sanda, a sa lambar. A Amurka ƙa'idojin hukumomin tarayya suna da nasu kundin da ake sabuntawa duk shekara, shi ya sa Bluebook yake neman rukuni da sashe da shekarar bugun:

```
Penalties for Disorderly Behaviour (Amendment of Minimum Age) Order 2004, SI 2004/3166.
7 C.F.R. § 319.76 (1999).
```

Najeriya ba ta da kundin ƙa'idoji da ake sabuntawa duk shekara, don haka siffar Amurka ba ta da inda za ta zauna. Abin da muke da shi ya fi kama da na Birtaniya: ƙa'idar da aka buga a gazet tana samun lambar SI, wato Statutory Instrument, ta wannan shekara, tsofaffin kuwa suna ɗauke da lambar LN, wato Legal Notice, kuma a kundin 2004 ana samun ƙa'idojin a bayan uwar dokar da ta haife su. Siffar da za a riƙe ita ce suna, shekara, lambar SI idan akwai, sannan gurbin da ake nufi, a kuma kula da cewa kalmar da ke nuna gurbin tana bin irin takardar: ƙa'idojin hukuma da `reg`, dokokin tafiyar da kotu da `Ord` da `r`, odar minista da `art` ko `para`. Ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan Adam a kotu, waɗanda Babban Jojin Najeriya na lokacin, Idris Legbo Kutigi, ya kafa da ikon sashe na 46(3) na Tsarin Mulki suka kuma fara aiki ranar 1 ga Disamba 2009, za su fito haka:

```
Fundamental Rights (Enforcement Procedure) Rules 2009, Ord II, r 1.
```

Akwai kuma takardu masu yawa da hukumomi ke fitarwa a shafukansu na intanet, kamar sanarwar Babban Bankin Najeriya ga bankuna, waɗanda ba su ɗauke da lambar SI sam. Kada marubuci ya ƙirƙira musu lamba don su yi kama da 'yan uwansu. Abin da ya kamata shi ne a ambaci hukumar da ta fitar, da sunan takardar, da lambar wasiƙar idan tana da ita, da kwanan wata, da adireshin shafin da ranar da aka duba shi. A ganina yana da kyau a ƙara sashen uwar dokar da hukumar ta dogara da shi a karon farko da aka ambaci ƙa'idar, ko da babu salon da ya wajabta, domin tambayar farko da mai jarrabawa zai yi a kan kowace ƙa'ida ita ce daga ina ta samo ikonta.

Gazet ita ce wurin da salon biyu suka fi barin marubucin Najeriya shi kaɗai. Bluebook yana da siffa tsayayya domin jaridar gwamnatin tarayyar Amurka, wadda take jera juzu'i da shafi da kwanan wata, OSCOLA kuma yana da siffa domin jaridar Tarayyar Turai, wadda take jera shekara da rukuni da lamba da shafi:

```
60 Fed. Reg. 50,379 (Sept. 29, 1995).
[2008] OJ C115/13.
```

Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi daidai da bangon gazet ɗin Najeriya, saboda a nan lambobin da ke kan bango sun fi yawa. A ɗauki Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 a bi ta daki-daki. Shugaban ƙasa ya sa mata hannu ranar 16 ga Agusta 2021. Gazet ɗin da ya ɗauko ta yana ɗauke da kwanan watan 27 ga Agusta 2021, an buga shi a Legas. A bangonsa akwai lambar fitowa, 142. Akwai lambar juzu'i, 108. Akwai lambar sanarwar gwamnati, 134. Akwai lambar dokar kanta, 6. Sannan akwai shafukan da ta mamaye, waɗanda suka fara daga A121. Lambobi biyar ke nan a shafi ɗaya, kuma kowace tana ƙirga abu dabam. Lambar fitowa tana ƙirga sau nawa gazet ta fito a shekarar. Juzu'i yana ƙirga shekarun jaridar. Lambar sanarwa ta gajeren bayanin da ke bango ce, wanda ke cewa an buga abu kaza a matsayin rataye. Lambar doka tana nuna cewa ita ce ta shida a jerin dokokin shekarar. Harafin da ke gaban lambar shafi kuwa yana nuna irin ratayen: A na dokokin majalisa ne, B na ƙa'idoji da odoji.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki lambar da ta fi girma a saman bango a manna wa dokar, a rubuta cewa doka ce mai lamba 142, alhali dokokin da majalisa ta kafa a wannan shekara ba su yi kusa da wannan adadi ba. Siffar da nake ba da shawara a kai, wadda ta bi ɗabi'ar OSCOLA ta rage ayoyi ta kuma aro tsarin Bluebook na juzu'i da shafi da kwanan wata, ita ce:

```
Petroleum Industry Act 2021 (No 6), Official Gazette No 142,
Vol 108 (27 August 2021) A121, s 53.
```

Ba a sa lambar sanarwar gwamnati a nan ba, domin dokar ake nufi, ba sanarwar da ta gabatar da ita ba. Idan kuwa sanarwar ce abin magana, kamar naɗin muƙami, ko karɓe fili domin amfanin jama'a, ko sauya sunan hukuma, to lambar sanarwar ita ce shaidar farko, sannan lambar fitowa da juzu'i da kwanan wata da shafi su biyo baya. Akwai hanyar da za a gane an yi kuskure a juzu'i cikin daƙiƙa guda: a gazet ɗin tarayya juzu'i ɗaya ne ga kowace shekara, kuma idan aka ɗebe 1913 daga shekarar za a sami lambarsa. Juzu'i na 86 ya faɗa a 1999, na 108 a 2021. Wanda ya ga juzu'i na 108 tare da shekarar 2019 ya san cewa ɗaya daga cikin biyun an kwafe shi ba daidai ba. Wannan lissafi na gazet ɗin tarayya ne kaɗai, domin kowace jiha tana da nata jerin.

Kwanan wata yana da nasa tarko. Ranar sa hannu, da ranar fara aiki, da ranar da ke kan gazet, da ranar da jama'a suka sami labari suna iya zama ranaku huɗu dabam-dabam. Dokar Fassara ta ce doka tana fara aiki ranar da aka zartar da ita, wato ranar sa hannun shugaban ƙasa, matuƙar ba a yi wani tanadi ba, don haka ranar gazet ba ita ce ranar fara aiki ba sai idan dokar ta faɗi haka. Sanarwar da ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda ta nuna ɗaya gefen matsalar: Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin a watan Nuwamba 2021, gazet ɗin yana ɗauke da kwanan watan Nuwamba a juzu'i na 108, amma sai a Janairun 2022 labarinsa ya bazu a jaridu. Marubucin da ya ɗauko shekara daga jarida zai sa 2022, ya tura mai karatu juzu'i na 109 inda ba zai sami komai ba. Kwanan da ke kan bango shi ne na bayanin ƙasan shafi, sauran ranakun kuma a bayyana su a cikin matani idan hujja tana bukatarsu.

Ba kowace doka ce take bukatar a kai ta har gazet ba, kuma cika bayanai da lambobin gazet alhali suna da shekara sun wadatar ba ya ƙara wa aiki daraja. Gazet tana zama dole ne a wurare uku: idan nassin da ke yawo ya saɓa wa juna, kamar yadda yakan faru da sabuwar doka wadda kwafin ƙudurinta ke yawo a intanet kafin bugun hukuma ya fito, idan ranar bugawa tana da tasiri a hujja, ko idan takardar ba ta da wata shaida sai gazet, kamar sanarwar gwamnati. Dalilin fifita ta a irin waɗannan wurare yana cikin Dokar Shaida ta 2011, wadda sashenta na 148 ya sa kotu ta ɗauki abin da ya zo a matsayin gazet a kan cewa sahihi ne.

Batun maimaita ambato ba ya bukatar doguwar magana. OSCOLA yana barin marubuci ya ba doka gajeren laƙabi a cikin baka a karon farko, ya ci gaba da amfani da shi, yana kuma cewa idan sunan doka da shekara da sashe duk sun fito a matani, ba a bukatar bayanin ƙasan shafi. Ya yarda da `ibid` ga bayanin da ya gabata kai tsaye, ya kuma yi watsi da `supra` da `op cit`, masu nuni zuwa bayanin da aka kawo can baya. Bluebook yana amfani da `id.` a madadin `ibid`, yana kuma hana amfani da `supra` ga dokoki da ƙa'idoji sai a yanayi na musamman. Duk kundin da aka ga `ibid` a shafi na goma da `id.` a shafi na ashirin, an san an kwafo bayanansa daga maƙaloli mabambanta ba tare da an daidaita su ba. Laƙabin ma ya kamata ya ɗauki shekara, musamman inda tsohuwa da sabuwa suke da suna ɗaya, kamar `CAMA 1990` da `CAMA 2020`.

Mai kwatanta dokokin Najeriya da na maƙwabta zai ƙara samun sauƙi a gidan Oxford, saboda ƙa'idar nan ta a kawo kowace doka yadda ake kawo ta a gida. A Nijar shaidar doka ita ce irinta da lambarta da cikakken kwanan wata, sannan jimlar da ke faɗin abin da ta ƙunsa, kuma ba a fassara ta ko a tilasta mata siffar suna da shekara. A Ghana kuwa lambar doka tana tafiya a jere ba tare da ta koma ɗaya a kowace shekara ba, don haka ita ce babbar shaida:

```
Ordonnance n° 93-015 du 2 mars 1993 fixant les principes
d'orientation du Code rural (Niger), art 5.
Companies Act 2019 (Act 992) (Ghana), s 6.
```

Idan tsangaya ta wajabta jagoran NALT, zaɓi ya ƙare, sai dai a nemi bugun da tsangayar take aiki da shi, a bi shi a kan waƙafi da aya, a kuma cike gurbin da ya bari da ƙa'idojin da aka zayyana a sama. Idan an bar wa marubuci zaɓi, kuma yawancin dokokin da zai kawo na Najeriya ne ko na ƙasashen da suka gaji tsarin Birtaniya, OSCOLA ya fi dacewa, saboda suna da shekara da lambar SI duk abubuwa ne da takardunmu suke da su, kuma ƙa'idojinsa kaɗan ne da za a iya riƙewa a ka. Bluebook yana da wurinsa idan maƙalar za ta tafi mujallar Amurka, ko kuma idan rabin aikin a kan dokokin Amurka ne, inda siffofinsa na kundin tarayya da jaridar gwamnati ba su da madadi. A wannan hali gara a fara da shi tun daga bayani na ɗaya, domin sauya bayanai ɗari uku daga wani salo zuwa wani a makon miƙa aiki shi ne inda lambobin sashe suke ɓacewa. Ko wanne aka ɗauka, ya kamata tun kafin a fara babi na ɗaya a buɗe takarda guda a rubuta cikakkiyar siffar kowace doka sau ɗaya, da laƙabinta, da bugun da aka karanta, a ajiye hoton bangon duk gazet ɗin da aka yi aiki da shi, sannan duk lokacin da za a kawo dokar a kwafo ta daga wannan takarda, lambar sashe kawai ake sauyawa.